Gefe ɗaya ko gefe biyu? Sharhi kan ɗaure garkuwar kebul da hayaniyar da ke rikita na'urorin awo

Masu aikin wuta a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa sun daɗe da riƙe ƙa'ida guda: garkuwar kebul ɗin sigina a gefe ɗaya ake ɗaure ta da ƙasa, ɗaya gefen kuma a yanke a naɗe shi da tef. Da inbatocin sarrafa gudun motar inji suka yawaita, sai ga littattafansu suna cewa a ɗaure garkuwa a gefe biyu, kuma a matse ta da maɗauri zagaye. A fanel guda sai ka tarar da littafi biyu, kowanne da nasa umarni. Wani ya bi na farko allo ya ci gaba da rawa, wani ya bi na biyu abin ya ƙara lalacewa. Duk littattafan biyu gaskiya suka faɗa. Kowanne dai da irin hayaniyar da yake magana a kai, kuma sai an gane wacce ce ta shigo kafin a san umarnin da za a bi.

## Abubuwan da ake magana a kansu

Ƙaramin sigina shi ne wanda ake aunawa da milibolt ko maikurobolt, wato kashi ɗaya cikin dubu ko cikin miliyan na bolt. Tamokoful nau'in K, wanda ake auna zafi da shi a injinan roba da tukwanen tace mai, yana ba da kusan maikurobolt 41 ne a kan kowane digiri. A zafin digiri 200 duk abin da yake fitarwa bai wuce milibolt 8 da 'yan kai ba. Wutar da ke cikin wayar da ke kusa da shi kuwa bolt 230 ce, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa. Duk wani ƙarfin wuta da ya haɗu da siginar alhali ba daga abin da ake aunawa ya fito ba, shi ne hayaniya.

Garkuwa, wadda masu sana'ar ke kira shil, ita ce rigar ƙarfe da ke lulluɓe da wayoyin cikin kebul. Wata fallen alminiyam ce mai tafe da siririyar waya tsirara, wata kuma saƙar jan ƙarfe ce.

Madaukin ƙasa kuwa yana samuwa ne idan aka haɗa da'ira guda da ƙasa a wuri biyu ko fiye. Tushen matsalar shi ne zaton da ake yi cewa duk inda aka ce atin, wato haɗin da ke zuwa ƙasa, boltej ɗinsa sifili ne. Ba haka abin yake ba. Wayar atin tana da turjiya kamar kowace waya, kuma da zarar karan ya bi ta cikinta, bakinta biyu ba za su zama daidai ba. Kamar kwata ce: in dai ruwa na gudu a cikinta, to wani gefen ya fi wani tudu. Idan aka ɗaura wayar sigina ko garkuwarta tsakanin wuraren nan biyu, an buɗe wa karan wata sabuwar hanya ke nan, kuma zai bi.

## Daga ina karan yake shiga wayar atin?

A ƙa'ida wayar atin ba ta ɗaukar karan sai an sami matsala. A zahiri kuwa da wuya ka same ta a bushe. Hitocin inji suna ɗan yoyo zuwa jikin ƙarfe, musamman in sun tsufa ko sun sha damshi. Inbatoci da na'urorin kwamfuta suna da kafasitocin tace hayaniya da ke zuba ɗan karan a atin dare da rana. Mai walda kan maƙala wayar komawarsa a duk ƙarfen da ya fi kusa da shi.

Abin da ya fi yawa a Kano shi ne na janareta. Kusan kowace masana'anta tana da wutar layi da ta janareta, da canjoba a tsakaninsu. Idan an haɗa nutural da atin a wajen taransifoma, an kuma haɗa su a wajen janareta, sannan canjobar ba ta yanke nutural, to nutural da atin sun zama hanya biyu masu tafiya tare. Karan ɗin da ya kamata ya koma ta nutural kaɗai sai ya rabu, wani kaso ya bi ta atin, da jikin injina, da bututun ƙarfe. Haka yake faruwa idan wani ya haɗa nutural da atin a cikin ƙaramin fanel don ya ga fitilar gwaji ta kama. Irin wannan karan ba milliamfiya ba ne, amfiya ne cur, kuma yana hawa da sauka gwargwadon lodin da ke kan layi.

## Misali: injin roba mai allo mai rawa

Mu ɗauki injin narka roba a wata masana'anta. Alƙaluman na misali ne, amma irin waɗanda ake tararwa ne a wurin aiki. Tamokoful nau'in K yana cikin jikin injin, kwantirolar da ke karanta shi tana cikin fanel mai nisan mita 30. Wayar atin da ta haɗa injin da fanel jan ƙarfe ce mai kaurin 2.5 mm², kuma amfiya 2 na bi ta cikinta saboda dalilan da aka ambata.

Turjiyar wannan waya kusan om 0.21 ce. Da dokar V = I × R, tsakanin jikin injin da atin na fanel akwai bambancin bolt 0.42. Wannan ba ya jan mutum, ba ya tsinka fis, babu mai lura da shi. Amma ya ninka siginar tamokoful ɗin sau hamsin.

Ko zai shiga siginar ko ba zai shiga ba, ya danganta ga abu biyu. Na farko, irin tamokoful ɗin. Akwai wanda aka narke kansa da kwanson ƙarfensa don ya yi saurin jin zafi, wato kan yana haɗe da jikin injin kai tsaye. Akwai kuma wanda aka raba kansa da kwanson. Na biyu, irin kwantirolar. A wasu masu araha, ƙafar da ke da alamar − tana haɗe da atin na fanel ta cikin na'urar.

Idan aka haɗa tamokoful mai haɗaɗɗen kai da irin wannan kwantirola, madauki ya rufe. Wayar − ta zama gada tsakanin atin biyu. Wayar tamokoful ba jan ƙarfe ba ce, turjiyarta ta fi yawa: ƙafar − mai kaurin 0.5 mm² a mita 30 tana kai om 18. Karan ɗin da zai bi ta kusan milliamfiya 23 ne kawai, amma duk bolt 0.42 ɗin nan a kanta zai sauka, kuma kwantirola ba ta da hanyar bambance shi da abin da tamokoful ya aiko. In aka raba 0.42 da maikurobolt 41, daidai yake da zafin digiri dubu goma.

Allon ba zai nuna dubu goma ba, domin hayaniyar mai juyawa ce, kuma kwantirola tana da matata. Amma ko matatar ta rage ta sau dubu, saura milibolt 0.42, wato kusan digiri 10. Shi ya sa za a ga allo yana yawo tsakanin 190 da 210 alhali zafin robar bai motsa ba, kwantirola kuma tana kunna hita tana kashewa tana bin ƙarya.

A nan akwai wani abu da ya shafi masu amfani da janareta musamman. Na'urori da yawa suna kashe hayaniyar layi ne ta hanyar ɗaukar matsakaicin awo a cikin milidaƙiƙa 20, wato zagaye guda cif na haz 50, wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, yadda hawa da sauka za su cinye juna. Dabarar tana aiki ne in wutar tana kan 50 daidai. Idan gwamnan janareta ya bar shi yana gudu a 52, irin wannan matata mai sauƙi ba za ta rage hayaniyar fiye da sau 26 ba. Idan kuma injin na hannu ne da aka shigo da shi daga ƙasar da ke amfani da haz 60, aka bar saitinsa a 60, ragin kusan sau 5 ne kacal. Kaucewar janareta daga 50 ce ta sa ake samun injin da ke lafiya lau a wutar layi amma ya rikice da an koma janareta, har a yi ta zargin janaretan da ba da wuta mai datti, alhali madaukin yana nan tun farko, matata ce ke rufa masa asiri.

Da kwantirolar mai auna bambancin ƙafafun biyu ce, ba tare da ta haɗa ko ɗaya da atin ba, da labarin ya sha bamban. Bolt 0.42 zai hau ƙafafun biyu tare, na'urar kuma ta yi watsi da abin da suka yi tarayya a kai. Ana rubuta wannan ƙarfi da CMRR a takardar na'ura. Mai 100 dB tana rage shi sau dubu ɗari, ya koma maikurobolt 4, kashi ɗaya cikin goma na digiri. Sharaɗin shi ne ƙafafun biyu su yi daidai da juna, kuma kada bambancin atin ɗin ya wuce iyakar da na'urar ke iya ɗauka.

Abin lura a misalin nan: har yanzu ba a ambaci garkuwa ba. Madaukin ta wayar siginar kanta ya bi. Ko a ɗaure garkuwa gefe ɗaya, ko biyu, ko a sayo kebul mafi tsada a kasuwar Sabon Gari, allon ba zai daina rawa ba.

## Abin da garkuwa ke tarewa da abin da ba ta tarewa

Hayaniya tana shiga kebul ta iska ma, ba sai ta madauki ba, kuma ta hanya biyu.

Ta farko ta ƙarfin boltej ce. Duk waya biyu da ke kusa da juna suna aiki kamar ƙaramar kafasita, don haka wayar 230 tana ɗiga ɗan karan cikin wayar sigina ko da ba su taɓa juna ba. Nan ne garkuwa ke da amfani sosai. Tana tare wannan ɗigon ta zubar da shi a ƙasa, kuma ɗauri guda ya ishe ta. Garkuwar da ba a ɗaure ko'ina ba kuwa ba ta tare komai, ta karɓa ne ta miƙa wa wayoyin ciki.

Ta biyu ta maganaɗisu ce. Karan mai yawa yana haifar da maganaɗisu kewaye da wayarsa, wanda ke ratsa sararin da ke tsakanin wayoyin sigina biyu ya haifar da boltej. A mafi munin hali, waya guda mai ɗauke da amfiya 100 a nisan santimita 30, da wayoyin sigina biyu a miƙe masu tazarar milimita 5 a tsawon mita 30, za su ba da kusan milibolt 3, sama da digiri 70 kafin a tace. A haz 50, fallen alminiyam ko saƙar jan ƙarfe ba sa hana wannan maganaɗisu wucewa. Maganinsa murɗa wayoyin biyu kamar tufkar igiya, yadda abin da murɗi ɗaya ya ɗauka na gaba zai soke shi. Sai nisanta kebul ɗin sigina da na wuta, da tsallaka su a gicciye in dole su haɗu, da sa shi cikin bututun baƙin ƙarfe. Mutane da yawa suna yaba wa garkuwa a kan aikin da murɗi ya yi.

## Hujjar masu gefe ɗaya

Koma ga injin robar. A ce an ɗaure garkuwar a jikin injin an kuma ɗaure ta a fanel. Siririyar wayar garkuwa mai 0.5 mm² tana da kusan om 1 a mita 30, don haka za ta raba amfiya 2 ɗin nan da wayar atin, ta ɗauki kusan sulusin amfiya. Yanzu akwai waya mai ɗauke da karan na haz 50 a manne da wayoyin sigina tsawon tafiyar. Da a tsakiya take daidai, da abin da za ta haifar a ƙafafun biyu ya zo ɗaya ya soke. Amma siririyar wayar takan fi kusa da ƙafa ɗaya, sai bambanci ya fito. A kebul mai cibiya guda, inda garkuwar ita ce hanyar komawar sigina, abin ya fi muni, domin duk boltej ɗin da ya sauka a kanta kai tsaye yake shiga awo. Kuma ranar da layi ya taɓa jikin injin, karan mai yawa zai iya bin garkuwar ya ƙone ta.

Don haka ga tamokoful da sauran ƙananan sigina masu tafiyar hawainiya, a wurin da ba a tabbatar da daidaiton atin ba, gefe ɗaya ya fi. Sai dai ƙa'idar tana da rabi na biyu da aka fi mantawa: wane gefen? A ɗaure garkuwa a inda siginar kanta ta taɓa ƙasa. Idan kan tamokoful a rabe yake da kwanso, a ɗaure a fanel. Idan a haɗe yake, kwantirola kuma ba ta taɓa atin, a ɗaure a jikin inji. In aka yi akasin haka, bolt 0.42 ɗin zai tsaya tsakanin wayoyin da garkuwarsu, ya tura karan ta kafasitar da ke tsakaninsu. Ƙafafun tamokoful kuma ba su da turjiya ɗaya: ƙafar + ta ninka ta − fiye da sau biyu. A haz 50 abin da wannan zai haifar 'yan maikurobolt ne, amma yana ƙaruwa daidai da saurin juyawar hayaniyar.

## Hujjar masu gefe biyu

Inbata tana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma kowane yanka yana faruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Irin wannan kaifi yana haifar da hayaniya har zuwa miliyoyin haz. A haz 50 tsawon zangon igiyar wuta kilomita 6,000 ne, kebul na mita 30 ba komai ba ne a gabansa. A haz miliyan ɗaya zangon mita 300 ne, kuma da kebul ya wuce kusan kashi ɗaya cikin ashirin na zango, wato mita 15, bakin garkuwar da aka bari a sake ya daina zama a sifili, ya fara aiki kamar eriya. Bugu da ƙari, sama da 'yan dubban haz, karan ɗin da ke bin garkuwa mai ɗauri biyu yana haifar da maganaɗisun da ke soke wanda ya shigo. Wato a wannan mataki karan a garkuwa shi ne kariyar.

Shi ya sa kebul ɗin da ya tashi daga inbata zuwa mota ba a jayayya a kansa: gefe biyu ake ɗaurewa, don hayaniyar ta koma gida ta garkuwa maimakon ta bi jikin injina. Haka ma kebul ɗin sadarwa irin na Profibus. Yadda aka ɗaure ma yana da tasiri. Murɗe saƙar a mai da ita wutsiya mai santimita 5 a cusa a tasha yana ƙara kusan om 3 a haz miliyan goma, abin da ke zubar da yawancin amfanin garkuwar. Maɗauri mai kama ta zagaye a bakin fanel shi ne daidai.

Masu wannan ra'ayi ba su musanta madauki ba. Cewa suke a kashe bambancin atin ɗin tun daga tushe. Jagorar IEC 61000-5-2 ta 1997 ta yi bayanin shimfiɗa waya mai kauri ko tiren ƙarfe a gefen kebul, a ɗaure ta gefe biyu, don ta ɗauke karan ɗin. A misalinmu, ƙara wayar 16 mm² zai sauko da bolt 0.42 zuwa ƙasa da 0.06. Raunin wannan hanya kuɗi ne da kula: jan ƙarfe yana da tsada, kuma a tsohuwar masana'antar da aka yi ta ƙara injina ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami mai tabbatar da cewa duk jikin ƙarfen a haɗe yake.

Akwai hanyar tsakiya. A ɗaure gefe ɗaya kai tsaye, ɗaya gefen kuma ta kafasita ƙarama mai gajerun ƙafafu. Mai 10 nF tana tsayawa kamar om dubu 318 a haz 50, wato kusan a yanke, amma a haz miliyan ɗaya om 16 ce kawai. Ga kebul ɗin tamokoful da dole ya bi kusa da inbata, wannan ce ta fi dacewa da halin yawancin masana'antunmu.

## Yadda ake gano wacce ce

Canza kwantirola ko tamokoful da ka shi ne abin da aka fi yi, kuma shi ya fi cin kuɗi. Gwajin da ke raba gardama mita kawai yake buƙata.

A fara da lura da lokacin da rawar ke tashi: da kunna wani inji ne, da komawa janareta, ko da fara walda? Sannan a sa mita a AC tsakanin jikin inji da atin na fanel da doguwar waya, injina suna aiki. Duk abin da ya kai ɗaruruwan milibolt abin tuhuma ne. A maƙala mita mai cizo, irin mai ganin milliamfiya, a kan kebul ɗin sigina gaba ɗayansa. Abin da ya tafi ta ƙafa ɗaya ta ɗaya yake dawowa, don haka sifili ya kamata ta nuna. In ta nuna wani abu, akwai karan da ke shiga ta kebul ya fita ta ƙasa, madauki ke nan.

Daga nan a cire garkuwar a gefe ɗaya. In karan ya ɓace allo ya natsu, ta garkuwa madaukin ya bi. In bai ɓace ba, kamar yadda zai faru a injin robar, a cire ƙafafun tamokoful daga kwantirola a auna turjiya tsakaninsu da jikin inji. 'Yan om ko gomman om na nufin kan a haɗe yake. Mai rababben kai miliyoyin om ya kamata ya nuna, kuma a auna shi da zafinsa, domin farin garin da ke raba wayar da kwanso yana rage ƙarfi in ya yi zafi sosai ko ya sha damshi. Gwaji mafi sauƙi: a zaro tamokoful daga raminsa a riƙe shi a iska ba ya taɓa ƙarfe. In rawar ta tsaya nan take, an kama ɓarawon.

Mai osiloskof zai ga bambancin da idonsa. Igiya mai maimaita kanta duk milidaƙiƙa 20 ta layi ce. Tsinaye masu kaifi a jere na inbata ne. Hayaniyar inbata ba lallai ta sa allo rawa ba: takan shiga amfilifayar na'ura ta koma karkata tsayayya, allo ya nuna lamba a natse amma ba daidai ba, ta kuma canza da an kashe inbatar.

## Gyara, da gyaran da ke kashe mutum

A injin robar gyara iri uku ne. Mafi araha, a sa tamokoful mai rababben kai. Yana ɗan jinkirin jin zafi, amma ga tukunyar roba mai kauri jinkirin ba ya cutarwa. Na biyu, a sa tiransimita mai raba da'ira kusa da inji, ta mai da siginar zuwa 4–20 mA. In an saita ta daga digiri 0 zuwa 400, aka karanta a kan om 250, kowane digiri ya zama milibolt 10 maimakon maikurobolt 41, ya ƙaru fiye da sau 240, kuma madaukin ya yanke. A duba takardarta a tabbatar mai rabawa ce, don ba duka ba ne. Na uku shi ne na tushe: a nemo inda aka haɗa nutural da atin ba bisa ƙa'ida ba a gyara, ko a sa canjoba mai yanke nutural inda tsarin ya buƙaci haka. Wannan aikin ƙwararren injiniya ne, kuma shi ke sauƙaƙa wa duk sauran na'urorin da ke ginin.

Gyara biyu ne ya kamata a guje musu. Cire wayar atin daga jikin inji ko karya ƙafar atin ta filogi yana kashe hayaniya, amma ranar da hita ta fashe, jikin injin zai ɗauki 230 yana jiran hannun ma'aikaci. Na biyu shi ne kafa wa na'urorin awo sandar atin tasu daban, ba a haɗa ta da ta ginin ba, wai don ta zama mai tsabta. Sanda biyu a ƙasa wuri biyu ne masu boltej daban. Da rani, lokacin da ƙasar Kano ta bushe ƙayau, turjiyar sanda takan hau har ta kasa tsinka fis in an sami matsala. Da damina kuma, tsawa in ta sauka kusa, bambancin da ke tsakanin sandunan kan kai dubban bolt, kuma ta kebul ɗin sigina zai ratsa. Gawayi da gishiri da ruwan da ake zuba wa ramin sanda suna rage turjiyarta, amma ba sa taɓa bolt 0.42 da ke tsakanin inji da fanel, don wannan a cikin wayar ginin yake. In ana son atin na awo daban, a ja masa wayarsa, amma ta ƙare a babbar sandar haɗin atin ta ginin.

## Inda abin ke taɓa jama'a

A masana'anta, digiri 10 na ƙarya yana nufin roba ta ƙone ko ta ƙi narkewa sosai: bokitai da butoci masu saurin fashewa, kayan da aka mayar injin niƙa, da man janareta da aka ƙona a banza. Ma'aikacin da ke kan injin ne yakan sha faɗa.

Babban sikelin auna motoci, irin wanda 'yan hatsi na Dawanau ke dogara da shi, siginarsa duka ba ta wuce milibolt 20 ba in ana ba shi bolt 10 kuma na 2 mV/V ne. Idan wannan ya tsaya a madadin tan 60, kowane maikurobolt kilo 3 ne, maikurobolt 33 kuma buhu guda mai kilo 100. Lambar da ke yawo kowa zai gan ta ya ƙi yarda. Wadda ta karkata ta tsaya ita ce ke cin mai saye ko mai sayarwa ba tare da kowa ya yi niyyar zamba ba. A asibiti, siginar bugun zuciya da na'urar ECG ke ɗauka kusan milibolt ɗaya ce, kuma hayaniyar haz 50 tana kauraro layin har ta ɓoye ƙananan alamu.

Wanda kowa ya sani shi ne gurnanin lasifika a masallaci ko wajen biki, wanda ke tashi da an haɗa mikisa da amfilifaya da ke kan soket daban-daban. Madauki ne shi ma. Mai kayan sauti ya sa su a soket guda in zai yiwu, ya yi amfani da kebul mai ƙafa uku na XLR, ko ya sa ƙaramar taransifomar raba sauti a tsakani. Maɓallin da aka rubuta wa GND LIFT a jikin wasu akwatunan sauti garkuwar kebul ɗin sauti kaɗai yake yankewa, ba atin na wuta ba, don haka danna shi ba shi da haɗarin da karya ƙafar filogi ke da shi.